Yadda Ake Zaɓar Ƙarfin Gyara Idan Za a Sauya Wa Mutum Tufafi a Hoto

Kusan duk wanda ya fara sauya tufafi a hoto da Stable Diffusion, fasahar AI mai zana hoto daga bayanin da aka rubuta mata, tambaya ɗaya yake zuwa mini da ita: "Lamba nawa zan sa a `Denoising strength`?" Wani ya sa 0.4, ya jira, hoto ya fito da tsohuwar rigar nan daram, launinta kawai ya ɗan dafe. Wani ya ja ta har 1.0, rigar ta sauya kam, amma kafaɗa ta goce, hannu ya zama uku. Dukansu biyu suna zaton akwai wata lamba ɗaya da masana suka ɓoye. Babu ita. Abu uku ne ke yanke lambar: nisan da ke tsakanin tsohuwar riga da sabuwa, abin da ka bari a ƙarƙashin wurin da za a gyara, da irin modal ɗin da ka ɗora, wato fayil ɗin AI da aka horar wanda ke yin zanen. Idan ka daidaita waɗannan ukun, lambar da kanta za ta faɗo cikin ɗan ƙaramin tsakani, sai ka tace ta da gwaji.

AUTOMATIC1111, Forge da ComfyUI manhajoji ne da ake sarrafa Stable Diffusion da su. Zan bi sunayen da ke fuskar AUTOMATIC1111, a sashen `img2img` ƙarƙashin `Inpaint`, domin Forge ma kusan su yake amfani da su. Inda ComfyUI ya bambanta zan faɗa. Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe: hoton wani mutum a tsaye, sanye da farar riga mai gajeren hannu, haske na shigo masa ta taga daga dama, muna so mu sa masa kwat shuɗi mai duhu, mai dogon hannu, a buɗe ta gaba. Na zaɓi wannan ne da gangan, domin ya haɗa wahala uku a wuri ɗaya: launi zai sauya daga fari zuwa duhu, yadi zai sauya, siffa ma za ta sauya.

Mataki na 1: Fahimci abin da lambar ke yi

Kafin manhaja ta zana komai, sai ta fara zuba wa hotonka yayyafi, irin ɗigo-ɗigon da ke cika fuskar tsohuwar talabijin idan babu tasha. Daga nan modal ya shiga share yayyafin kaɗan-kaɗan, yana cike abin da ya ɓace da abin da ka rubuta masa. Lambar ƙarfin gyara, wato `Denoising strength`, wadda ke tsakanin 0 da 1, ita ce ke faɗin yawan yayyafin da za a zuba. A 0 ba a zuba komai, hoto ya dawo yadda yake. A 1 an binne tsohon hoton gaba ɗaya a wurin da ka zaɓa, modal zai zana daga babu.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba komai ke ɓacewa lokaci ɗaya ba. Ƙananan abubuwa ne ke fara nutsewa: saƙar yadi, ɗinki, ƙananan rubutu. Sai matsakaita, irin su maɓalli, aljihu da tattarar yadi. Manyan abubuwa, wato launin da ya mamaye wuri, haske da duhunsa, da layin da ya raba jiki da bango, su ne na ƙarshe. Shi ya sa farar riga take da taurin kai. Fari babban abu ne a idon modal, kuma a 0.5 yana nan yana leƙowa ta cikin yayyafin, modal kuwa abin da ya gani yake bi kafin abin da ka rubuta.

Gargaɗi a nan: a AUTOMATIC1111 lambar tana rage yawan zagayen da ake yi. Idan ka sa `Sampling steps` 30 da ƙarfi 0.5, zagaye 15 kawai za a yi. A 0.3 kuwa 9 ne. Idan sakamakonka a ƙananan lambobi yana fitowa da dishi-dishi, sau da yawa laifin ƙarancin zagaye ne, sai ka ɗaga `Sampling steps` zuwa 40 ko 50. ComfyUI ba ya haka, `steps` ɗin da ka rubuta a `KSampler` shi yake cikawa ko `denoise` nawa ne.

Mataki na 2: Auna nisan da ke tsakanin rigunan biyu

Tun kafin ka taɓa komai, hoton ya zama naka ne ko na wanda ya yarda a sauya masa kaya. Sa wa mutum tufafin da bai sa ba, ko rage masa sutura, ba da saninsa ba, cin mutunci ne, kuma a ƙasashe da yawa doka na hukunta wasu nau'o'insa.

Yanzu dubi tsohuwar rigar, ka dubi wadda ke ranka, ka tambayi kanka me zai sauya. Idan gyaran fuska kawai za a yi wa rigar, wato a goge tabo, a miƙar da yamutsewa, a ɗan fito da saƙar yadi, ka fara daga 0.25 zuwa 0.4. Idan yadi ne zai sauya amma ɗinki da hasken launi suna nan, misali rigar auduga mai ruwan toka ta koma ta ulu mai ruwan toka, wurinka 0.45 zuwa 0.6. Idan ɗinkin zai sauya amma sabuwar rigar za ta zauna a cikin iyakar tsohuwar, kamar a sa mata kwala da maɓallai, sai ka haura 0.6 zuwa 0.75. Idan kuwa siffar waje za ta sauya, gajeren hannu ya zama dogo, ko fari ya koma baƙi, to ba ka da mafita a ƙasa da 0.8, sai dai ka yi dabarar da ke mataki na 6.

Waɗannan mafari ne ga modal irin SD 1.5 da SDXL. Kada ka haddace su kamar karatu, amfaninsu shi ne su nuna maka inda za ka fara gwaji. Misalinmu ya faɗa rukuni na ƙarshe kai tsaye.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raina sauyin launi. Mutum zai ce, "Ai launi kawai nake so ya sauya," sai ya sa 0.4. A wajen modal, mayar da ja ya koma kore mai irin haskensa aiki ne matsakaici, amma mayar da fari ya koma shuɗi mai duhu ya fi sa aljihu da maɓallai wuya. Idan da gaske launi kaɗai kake so, ka sauya shi a Photoshop ko GIMP ko Krita tukuna, sannan ka bi ta kansa da 0.3 don ya zauna da hasken hoton.

Mataki na 3: Lulluɓe wurin sabuwar riga, ba na tsohuwa kaɗai ba

Wurin da ka shafa da burushi don a gyara shi nake kira lulluɓi. Duk abin da ke wajensa ba za a taɓa shi ba, ko da ka sa 1.0. Wannan ne ke ruɗa mutane da yawa: suna ta ƙara lamba suna jiran dogon hannu ya fito, alhali damtsen mutumin yana wajen lulluɓi.

A misalinmu dole lulluɓi ya rufe rigar duka, ya gangara kan hannaye biyu har wuyan hannu, ya kuma ɗan ci bango a gefen kafaɗu da ƙugu, domin kwat ya fi riga kauri, kafaɗarsa tana fita waje, gindinsa kuma yana sauka kan wando. Ka bar tafin hannu, yatsu, agogo, wuya da fuska a waje. Yatsu musamman, domin da zarar sun shiga lulluɓi a ƙarfi sama da 0.6 sai modal ya sake zana su, kuma ba kasafai yake zana su daidai ba.

`Mask blur` yana zuwa a 4. Ga hoto mai faɗin fiksel 1024 ko fiye, 4 ya yi kaɗan, bakin gyaran zai fito kamar an yanka da almakashi. Ka sa 8 zuwa 12. Amma ka kula, laushin bakin yana cin ciki da waje, don haka idan lulluɓinka ya tsaya daidai kan bakin farar rigar, za ka ga siririn farin zobe ya kewaye kwat. Maganinsa lulluɓi ya wuce bakin tsohuwar riga da fiye da lambar da ka sa a `Mask blur`. Ƙara ƙarfin gyara ba ya kawar da wannan zoben.

Sai `Inpaint area`. Idan ka zaɓi `Whole picture`, modal yana kallon hoton duka, ya san inda kai yake da inda ƙafa take, don haka ya fi jure babbar lamba. Idan ka zaɓi `Only masked`, manhaja tana yanko wurin lulluɓin da ɗan abin da ke kewaye da shi, ta faɗaɗa, ta gyara, ta mayar. Ana samun kyan saƙa sosai, amma modal ya zama kamar mai leƙe ta ƙofar mabuɗi. A 0.9 da `Only masked padding, pixels` a 32 ɗin da yake zuwa da shi, kada ka yi mamaki idan wata ƙaramar fuska ta fito a ƙirjin rigar. Ga babban sauyi ka yi amfani da `Whole picture`, ko ka ɗaga `Only masked padding, pixels` zuwa 128 ko sama, yadda kai da ƙugu za su shiga cikin abin da aka yanko.

Mataki na 4: Zaɓi abin da zai kwanta a ƙarƙashin lulluɓi

`Masked content` da ƙarfin gyara tare suke tafiya, ba a zaɓar ɗaya a manta ɗaya. `original` yana barin tsohuwar rigar a ƙasa, a zuba yayyafi a kanta. Shi ne kaɗai zaɓin da ƙananan lambobi ke da ma'ana a cikinsa, kuma shi ne zan ce ka riƙe a yawancin aikin tufafi, domin tattarar tsohuwar riga da inuwarta suna gaya wa modal yadda jikin ya tsaya. `fill` yana goge rigar ya cike wurin da launukan da ke kewaye, a dame. Yana taimakawa idan tsohuwar rigar na da babban rubutu ko zane da ke ta dawowa, amma a ƙasa da 0.7 abin da za ka samu dunƙulen launi ne marar siffa. `latent noise` da `latent nothing` kuwa ba su bar wa modal komai na hoton ba, don haka sai a 0.95 zuwa 1.0 suke aiki. Idan ka haɗa `latent noise` da 0.6 za ka ga tarkacen launuka kamar fasassun gilasai, ka ɗauka kwamfutarka ce ta lalace.

Masu ComfyUI suna da irin wannan tarkon. `VAE Encode (for Inpainting)` yana shafe wurin lulluɓi da ruwan toka kafin a fara, saboda haka `denoise` ɗinsa 1.0 ne. Ka rage zuwa 0.6, mutum ya fito sanye da toka-toka marar ɗinki. Idan kana son ƙaramar lamba, ka bi ta `InpaintModelConditioning`, ko `VAE Encode` na yau da kullum tare da `Set Latent Noise Mask`.

Modal ɗin ma yana sauya lissafi. Wanda aka horar musamman don cike gurbi, irin `sd-v1-5-inpainting`, ana ba shi lulluɓin da sauran hoton a tsabtace a kowane zagaye, don haka ko a 1.0 yana haɗa kafaɗa da wuya daidai. Modal na zane na yau da kullum ba shi da wannan gatan, yawanci daga 0.8 zuwa sama yake fara sakin layi. Idan aikinka na rukuni na ƙarshe ne, nemi na cike gurbin tun farko. Dangin Flux kuma lambobinsu sun karkata sama: sauyin da SDXL zai yi a 0.6, Flux na yau da kullum kan jira sai wajen 0.8 ko fiye, shi kuwa Flux Fill an gina shi ne a yi aiki da shi a 1.0.

Mataki na 5: Kulle komai, ka gwada lambobi a jere

Rubuta bayanin sabuwar rigar kaɗai da ɗan abin da ke kewaye da ita. Ga namu:

```
navy blue wool blazer, open front, long sleeves,
white shirt underneath, soft window light
```

Bar `CFG Scale` a 7 ko kusa. Sannan ka cire -1 daga `Seed`, lambar da ke yanke irin yayyafin da za a zuba, ka sa lamba tsayayya, kowace ce. Wannan ba abin wasa ba ne. Muddin `Seed` yana kan -1, kowane danni sabon yayyafi ne, ba za ka taɓa sanin ko lambar da ka sauya ce ta kawo bambanci ko sa'a ba.

A ƙasan shafin, a `Script`, zaɓi `X/Y/Z plot`. A `X type` sa `Denoising`, a `Y type` sa `Seed`, ka cike su haka:

```
X values: 0.5, 0.6, 0.7, 0.8, 0.9, 1.0
Y values: 101, 202
```

Hotuna 12 ke nan a allo ɗaya. Kuɗin aikin lokaci ne, ko adadin danni idan hayar kwamfuta kake yi ta intanet. Idan hoto ɗaya na cin daƙiƙa 20, gwajin duka bai kai minti huɗu ba, tunda ƙananan lambobin sun fi sauri. Wanda ya ƙi yin wannan yakan ƙone hotuna hamsin yana ja sama yana ja ƙasa. Layi biyu na `Seed` kuma kariya ce, don kada ka yanke wa lamba hukunci da sa'ar danni ɗaya.

Ga irin abin da allon ke nunawa a aiki kamar namu, da `original` da modal na cike gurbi. A 0.5 farar rigar tana nan, ta ɗan yi shuɗi-shuɗi, damatsa tsirara. A 0.6 an fara ganin alamar naɗin wuyan kwat kamar an zana shi a kan rigar, launi ya tsaya a shuɗin sararin sama. A 0.7 kwat ya bayyana a ƙirji, amma dubi hannu: yadin ya ɗauki launin fatar mutumin, ko kuma hannun kwat ya tsaya a inda tsohon ya tsaya, aka samu kwat mai gajeren hannu. A 0.8 hannu ya sauka har ƙasa, launi ya yi duhu, tsayuwar mutumin ba ta sauya ba. A 0.9 kwat ya fi kyau a ido, sai dai a layi ɗaya gwiwar hannu ta karkata, ba ta haɗu da tafin hannun da muka bari a waje ba. A 1.0 kowane layi da nasa kwat, ɗaya ma haskensa daga hagu yake zuwa, alhali tagar tana dama.

Yadda ake karanta allon shi ne ka nemi iyaka biyu. Iyakar ƙasa ita ce lamba ta farko da tsohuwar riga ta daina leƙowa. Iyakar sama ita ce lamba ta farko da jiki ko haske ya fara saɓa wa sauran hoton. A nan ta ƙasa 0.8 ce, ta sama 0.9. Sai ka sake gwaji ƙarami a tsakaninsu, 0.8, 0.82, 0.85, 0.88, ka ɗauki mafi ƙanƙanta da ta yi aikin. Dalilin fifita ƙaramar shi ne duk abin da ka ƙara a kan buƙata, daga gaskiyar hoton ake cire shi: faɗin ƙirjin mutumin, saukar kafaɗarsa, yadda inuwa ta kwanta.

Kuma kada ka yanke hukunci daga ƙananan hotunan allon. Buɗe wanda ka zaɓa a cikakken girmansa, ka duba wuri huɗu: inda kwala ta haɗu da wuya, inda hannun kwat ya haɗu da wuyan hannu, hammata, da bangon da ya shiga lulluɓi. A bangon ne babbar lamba ke fara tona kanta, layin ƙofa ko na taga sai ya karye a bayan kafaɗa.

Mataki na 6: Idan tsakanin ya yi ƙunci, ka rage nisan da hannunka

Wani lokaci iyakokin biyu sukan haɗe, ko ma su wuce juna: a 0.8 fari bai tafi ba, a 0.85 jiki ya riga ya goce. A nan babu lambar da za ta cece ka, kuma a nan ne yawancin mutane ke ɓata yini. Abin yi shi ne ka sauya abin da modal ke gani a ƙasa.

Buɗe hoton a kowace manhajar zane, ko a `Inpaint sketch`. Ɗauki shuɗi mai duhu ka shafe inda kwat zai zauna: ɓangarori biyu na ƙirji, kafaɗu, hannaye har wuyan hannu. Bar fari a tsakiya mai siffar V inda rigar ciki za ta fito. Ba a neman gwaninta, zanen yaro ma ya isa. Abu ɗaya ne nake dagewa a kai: kada ka shafa launi ɗaya sumul. Ka sa ɓangaren taga ya ɗan fi haske, ɗaya ɓangaren ya fi duhu, ka ja layi biyu ko uku masu duhu a gwiwar hannu da hammata. Mafi sauƙi ma, ka sa fentin a sabon shimfiɗi ka mayar da yanayinsa `Multiply`, inuwar tsohuwar rigar za ta fito ta cikinsa da kanta. Launi sumul yakan haifi yadi mai kama da roba, domin modal bai ga wata tattara da zai bi ba.

Yanzu manyan abubuwan, launi da siffa, sun riga sun zauna. Abin da ya rage wa modal matsakaita da ƙanana ne, aikin ya sauko daga rukuni na huɗu zuwa na biyu ko na uku. Sake gwajin daga 0.5 zuwa 0.75 da `original`. A irin wannan hoton za ka tarar a 0.5 sawun burushinka yana nan, a 0.6 zuwa 0.65 fenti ya zama ulu, naɗin wuya da maɓallai sun fito, gwiwar hannu tana inda take, haske yana dama. Minti biyar na fenti ya sauko da kai daga 0.85 zuwa 0.62, kuma tsakanin da ke aiki ya faɗaɗa, kusan kowane `Seed` yana ba da abin kirki. Ni dai ko da 0.82 ta yi aiki, na fi son wannan hanyar idan hoton na wanda mutane suka san jikinsa ne, domin ido yana saurin gane an ƙara wa mutum kafaɗa.

Haka ma idan kana da hoton ainihin kwat ɗin da ake so: yanko shi, ka ɗora kan jikin, ka miƙe shi ya bi kafaɗu, sannan ka bi ta kai da 0.4 zuwa 0.55. Ka sani dai tambari, rubutu da ƙananan zanen yadi suna cikin abubuwan farko da ke nutsewa. Sama da 0.35 haruffa za su fara zama tsutsotsi. Cire su daga lulluɓi, ko ka mayar da su da hannu a ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce ControlNet, ƙarin kayan aiki da ke sa modal ya bi tsarin hoton asali, ga wanda ba ya son fenti. `openpose` yana riƙe ƙasusuwan tsayuwa, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, ba ruwansa da siffar riga, don haka yana ba ka damar hawa 0.9 ko 1.0 hannu bai goce ba. `depth` yana riƙe kaurin jiki, amma har da kaurin tsohuwar rigar. `canny` kuwa ka guje shi a wannan aikin, domin layukan tsohuwar rigar yake kwafa, bakin gajeren hannun zai dawo a kan kwat ko a 1.0.

Mataki na 7: Zagaye na biyu da ƙaramar lamba

Da ka samu kwat mai kyau, danna maɓallin da ke tura hoton zuwa `Inpaint` kuma, don sabon hoton ya zama tushe. Mantawa da wannan ya sa mutane da yawa suna gyara tsohon hoto suna mamakin inda kwat ya tafi. Yanzu sauya zuwa `Only masked`, ka sauke ƙarfi zuwa 0.3 ko 0.35, ka ɗaga `Sampling steps` zuwa 40. A wannan zagayen ne saƙar ulu da ɗinki ke fitowa, siffa kuwa ba ta motsi.

Ƙananan aibobi a bi su ɗaya-ɗaya da ƙaramin lulluɓi. Maɓallin da ya narke yana son 0.5 zuwa 0.6 a ɗan wurinsa kaɗai. Bakin kwala da ya yi kaifi a kan wuya yana son siririn lulluɓi da ya ci yadi kaɗan ya ci fata kaɗan, a 0.25 zuwa 0.3, don inuwar kwala ta sauka kan wuyan. Rashin wannan inuwar ce ke sa riga ta yi kamar an manna ta.

Kada ka yi ta maimaita zagaye a kan wuri ɗaya da fatan ƙananan lambobi za su taru su zama babba. Sau uku a 0.3 ba ya sauya siffar da 0.8 za ta sauya, abin da yake yi shi ne goge ƙananan bayanai kaɗan-kaɗan har yadi ya yi santsi, launi kuma ya fara gocewa daga na sauran hoton. Zagaye biyu, uku idan ya yi yawa. Idan siffar ba ta yi ba tun farko, koma mataki na 6.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne ɗigo-ɗigon kyamara. Hoton waya da aka ɗauka a cikin ɗaki yana da ɗan ƙaiƙayi a ko'ina, wurin da modal ya zana kuwa yakan fito tas, kuma yawan ƙarfin gyara yawan tsabtar. Faɗaɗa hoton ka kwatanta kwat da wando. Idan kwat ya fi sumul, ka zuba masa ɗan ɗigo-ɗigo a manhajar zane, da `Add Noise` a Photoshop ko `HSV Noise` a GIMP, kaɗan-kaɗan har ka kasa nuna inda gyaran ya tsaya. Sannan ka ajiye lambar ƙarfin, `Seed`, sunan modal da lulluɓin a wuri ɗaya, domin idan akwai wasu hotunan mutumin a wannan ɗakin da wannan rigar, daga 0.62 ɗin nan za ka fara, gwajin lambobi uku ya ishe ka.